Rufi ya hau, kuɗi bai sauka ba: yadda ɗan kwangila ke bin haƙƙinsa a kudancin Kaduna

Duk wanda ya saba zama da 'yan kwangila a Kakuri ko Barnawa ya san jimlar da ta fi yawo a bakinsu: "An ba ni satifiket, saura biya." Ana faɗin ta da murmushi a makon farko. A wata na uku kuwa sai ka ji ta da wata irin murya, domin a lokacin mai siminti ya fara aiko yaronsa, kafinta ya daina gaisuwa da fara'a, banki kuma yana nan yana lissafin kwanaki ba tare da ya ce uffan ba. Mutumin yana da gaskiya, ya yi aikin, ginin yana tsaye kowa na gani. Amma a harkar kwangila gaskiyar da ke tsaye a fili ba ta jawo kuɗi sai an mayar da ita takarda, takardar kuma sai an ɗaura ta a kan wani sashe na yarjejeniya. A wannan ɗaurin ne galibin ƙananan 'yan kwangilarmu suke tuntuɓe.

Kudancin kogin Kaduna ya daɗe da sanin aikin kwangila. A Kakuri aka kafa masaƙar KTL a 1957, nan kamfanin haɗa motocin Peugeot ya soma aiki a 1975, sannan matatar mai da kamfanin Chiyoda na Japan ya gina ta buɗe a 1980. Masu walda da birkiloli da masu jawo wuta da yawa a yankin a gindin waɗannan masana'antu suka koyi sana'a, ko kuma iyayen gidansu ne suka koya a can. Da masaƙu suka durƙushe, sai aikin ya koma gine-gine: unguwanni irin su Narayi, Sabon Tasha, Unguwar Romi da Gonin Gora sun bazu, ana buƙatar ajujuwa, ɗakunan shan magani, magudanan ruwa da kwalbatoci. Daga 2019, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ƙaddamar da shirin sabunta birane, manyan ayyukan titi sun tafi hannun manyan kamfanoni kamar CCECC, waɗanda ke da lauyoyi da masu ƙiyasin aiki zaune a ofis ba su da wani aiki sai bin takardun biya. Ɗan kwangilar da nake magana a kansa ba shi da ko ɗaya. Shi ne darakta, shi ne mai sayo rodi, shi ne kuma mai rubuta wasiƙa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani ɗan kwangila mai ƙaramin ofis a Kakuri ya sami aikin gina jerin ajujuwa a Unguwar Romi daga wata hukuma, a kan naira miliyan 60, ban da harajin kayan masarufi. Yarjejeniyar ta ce za a ba shi kafin alƙalami na kashi 15 cikin ɗari, wato miliyan 9, bayan ya kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Biyan aikin kuma an raba shi zango huɗu: kashi 20 idan tushe ya fito zuwa difisi, kashi 25 idan bulo ya kai linta, kashi 30 idan rufi ya hau, kashi 25 idan an gama fulasta da daɓe da ƙofofi da fenti. Zango biyu na farko sun wuce lami lafiya. Ranar 3 ga Maris kafintoci suka buga ƙusa ta ƙarshe a kwano. Ɗan kwangila ya ɗauki hotuna, ya tura wa injiniyan hukumar ta waya, ya fara ƙidaya kwanaki a zuciyarsa, yana kuma ganin miliyan 18 suna tafe.

Ya yi kuskure biyu ke nan tun bai taka ofishin kowa ba. Ranar da yake ƙidaya daga gare ta ba ita ba ce, adadin da yake jira ma ba shi ba ne.

Maganar adadi ta fi sauƙi. Kafin alƙalami ba kyauta ba ne, rance ne da ake zare shi kaɗan-kaɗan daga kowane zango. Idan yarjejeniyar ta ce a cire kashi 15 daga kowane biya, to miliyan 2.7 sun fita daga miliyan 18. Sai kuɗin da ake riƙewa saboda gyaran abin da zai iya lalacewa bayan an miƙa aiki, wanda 'yan sana'a ke kira ritenshan, galibi kashi 5 cikin ɗari: naira dubu 900. Abin da ya rage miliyan 14.4 ne. Daga nan ma akanta zai zare harajin da doka ta ce a cire tun daga tushe, harajin kayan masarufi na kashi 7.5 kuma, idan hukumar gwamnati ce, ita take miƙa shi kai tsaye ga masu karɓar haraji, ba ya kwana a asusun ɗan kwangila. Wanda ya rubuta wasiƙa yana neman miliyan 18 ya miƙa wa odita dalilin mayar da fayil da hannunsa. Odita ba sai ya yi ƙarya ba, layi ɗaya zai rubuta cewa adadin da ke takardar neman biya bai dace da na satifiket ba, shi ke nan mako biyu sun tafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganar rana ita ce mai zurfi, kuma a nan ya kamata a tsaya. Buga ƙusa ta ƙarshe ba ya tayar da agogon biya. Abin da ke tayar da shi shi ne abin da yarjejeniya ta ambata, kuma yarjejeniyoyi sun sha bamban a kan wannan. Dokar sayen kaya da bayar da kwangila ta tarayya ta 2007 ta faɗa a sashe na 35 cewa da zarar an ba da kafin alƙalami, ba za a sake biyan ɗan kwangila komai ba sai da takardar shaidar aikin da aka yi zuwa wannan lokaci, wadda aka fitar bisa tsarin yarjejeniyar. Sashe na 37 kuma ya ce biyan da ya wuce kwana 60 daga ranar da aka miƙa takardar neman biya da takardar ƙiyasin aiki da tabbatarwar ma'aikatar, ya zama biyan da aka jinkirta, kuma kuɗin ruwa ya hau kansa gwargwadon abin da aka rubuta a yarjejeniya. A lura da wannan tabbatarwar ta ma'aikata. Ita ce ƙofar da jinkiri ya fi shigowa ta cikinta, domin muddin jami'i bai sa hannu ba, ana iya cewa kwana 60 ɗin ba su ma soma ba.

Tsarin FIDIC, wanda manyan ayyukan titi da gada suka fi amfani da shi, ya toshe wannan ƙofa ta wata hanya. A jan littafinsa na 1999, sashe na 14.6 ya ba injiniya kwana 28 ya fitar da satifiket, sashe na 14.7 kuma ya ce a biya cikin kwana 56, amma ƙidayar tana somawa ne daga ranar da injiniya ya karɓi bayanin aikin daga hannun ɗan kwangila. Ko injiniya ya yi nawa, agogo na tafiya. Wannan bambanci na kalmomi kaɗan shi ke raba wanda zai iya cewa "kun makara" da wanda sai dai ya ce "a taimaka".

Kada kuma a ɗauki dokar tarayya a kai ta inda ba ta da iko. Tana aiki ne a kan kwangilolin gwamnatin tarayya da waɗanda tarayya ta zuba aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsu. Jihar Kaduna tana da tata dokar ta 2016, wadda ta kafa hukumar KADPPA. Mai gina otal a Barnawa ko makarantar kuɗi a Sabon Tasha kuwa babu ruwansa da ko ɗaya daga cikinsu, abin da shi da ɗan kwangila suka sa wa hannu shi ne dokarsu. Na sha ganin wasiƙar da aka cika da sassan dokar tarayya aka aika wa mai gini mai zaman kansa. Irin wannan wasiƙa tsoro take son bayarwa, amma abin da take nuna wa lauyan ɗaya ɓangaren shi ne marubucinta bai karanta yarjejeniyarsa ba.

Mu koma Unguwar Romi. A ce sashe na 12 na yarjejeniyar ɗan kwangilarmu ya ce za a biya kowane zango cikin kwana 30 daga ranar da aka miƙa takardar neman biya tare da satifiket ɗin injiniya. Ya gama rufi ranar 3 ga Maris, amma hoto a waya ba sanarwa ba ce, sai da aka tuna masa ya rubuta takardar neman a zo a duba. Injiniya ya zo ranar 14, ya hau ya duba katako da tazarar ƙusoshi da kaurin kwano, ya sa aka ƙara ɗaure wasu wurare. Ya sa hannu a satifiket ranar 21. Ɗan kwangila ya kai takardar neman biya rajista ranar 28 ga Maris, aka buga masa hatimin karɓa a kan kwafinsa. Daga wannan hatimi ake ƙidaya. Ranar biya ta cika 27 ga Afrilu. Shi kuwa a zuciyarsa tun farkon Afrilu an riga an ci amanarsa. Kwana 25 da suka shige tsakanin ƙusa da hatimi ba a kan kowa suke ba sai a kansa, kuma aƙalla rabinsu da hannunsa ya zubar.

Wannan kwafi mai hatimi, takarda ɗaya tak mai ɗauke da kwanan wata da sa hannun akawu, ta fi duk hotunan ginin daraja idan magana ta yi tsami. Wasu sukan miƙa takardunsu hannun wani jami'i da suka saba da shi, don a gaggauta. Ranar da aka yi wa jami'in canjin wurin aiki, babu wata shaida cewa an taɓa miƙa komai.

Sai batun satifiket ɗin kansa, domin kalmar tana rufe abubuwa uku da ba ɗaya ba ne. Akwai ta zango, wadda ke cewa an kai wani mataki, ga kuma kuɗin da ya cancanta. Akwai ta kammala aiki, wadda ake bayarwa idan gini ya kai a shiga a yi amfani da shi ko da akwai 'yan gyare-gyare. Wannan ta biyu tana da nauyi sosai: daga ranarta tarar makara take tsayawa, alhakin tsaron ginin yake komawa kan mai shi, wa'adin gyaran lahani na wata shida ko shekara ɗaya yake somawa, kuma a yawancin yarjejeniyoyi ana sakin rabin ritenshan. Sai ta ƙarshe, bayan wa'adin gyara ya ƙare, wadda ke sakin ragowar rabin. Wanda ya kafa hujja da takardar kammala aiki alhali sashen da ya ambata yana magana ne a kan ta zango, ko ya nemi ritenshan gaba ɗaya da takardar da ba ta ba shi sai rabi, ya haɗa mabuɗi da ƙofar da ba tasa ba.

Kuma ba kowane sa hannu ne satifiket ba. Shugaban makaranta zai iya rubuto wasiƙar godiya, mai unguwa ya shaida cewa an yi aiki mai kyau, kansila ya ɗauki hoto a gaban ginin. Duk wannan yana da daɗi, amma yarjejeniya ta ambaci wanda ke da ikon shaidawa, ko injiniya, ko mai zanen gini, ko mai kula da aikin, wani lokaci ma sai da sa hannun sashen bin diddigi na hukumar. Idan ba hannun wannan mutum ba ne a kai, takardar shaida ce ta alheri kawai.

Yanzu an shiga Mayu, ranar biya ta wuce, ruwan farko ya sauka a Kaduna. Ɗan kwangila ya hau mota daga Kakuri ya haye gada zuwa ofishin hukumar. Ya tarar da akawu a bayan tarin fayiloli.

"Yallaɓai, barka da aiki. Maganar fayil ɗina ce na zo ji."

"Alhaji, ai ya bar nan tun wancan mako. Yana wajen odita."

"Odita ya ce yana wajen darakta."

"To, ka ɗan ƙara haƙuri. Ba a saki kuɗi ba ne."

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ya kamata ya saurara da kyau, domin jinkiri iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai jinkirin takarda: an rasa wani abu a fayil, takardar shaidar biyan haraji ta ƙare, takardar lamunin banki ta wuce wa'adinta, lissafi bai daidaita ba. Alamarsa ita ce ba a yanka bauca ba tukuna, kuma idan ka matsa za a nuna maka tambayar da aka rubuta a gefen fayil. Wannan yana hannunka, cikin kwana biyu kana iya warware shi. Akwai kuma jinkirin kuɗi: an yanka bauca, odita ya wuce da ita, tana jiran a saki kuɗi daga baitulmali. Tun 2015 jihar Kaduna ta koma tsarin asusun bai-ɗaya, saboda haka hukumar da ta ba ka aiki sau da yawa ba ita ke riƙe da kuɗin ba. Tambayar da ke raba su ɗaya ce: an yanka bauca, kuma mece ce lambarta? Wanda bai yi wannan tambaya ba zai iya shafe wata biyu yana zarya a ofishin da ba shi da sauran abin da zai yi masa.

A nan wasiƙa take shigowa. Da Turanci ake rubuta ta, tunda da shi aka rubuta yarjejeniyar, amma abin da ya kamata ta ƙunsa bai wuce shafi ɗaya ba. Ta ambaci sunan aikin da lambar kwangila. Ta ce bisa sashe na 12, biyan zango na uku ya wajaba cikin kwana 30 daga miƙa takardu. Ta ce injiniya ya fitar da satifiket mai lamba kaza ranar 21 ga Maris, an miƙa takardar neman biya ranar 28 ga Maris, ga kwafi mai hatimi a haɗe. Ta nuna lissafi a fili: miliyan 18, a cire miliyan 2.7, a cire dubu 900, saura miliyan 14.4 kafin haraji. Ta ce wa'adi ya cika ranar 27 ga Afrilu. Ta nemi a biya cikin kwana 14, sannan ta rufe da cewa ɗan kwangila bai yafe haƙƙinsa na kuɗin jinkiri da na dakatar da aiki ba, tare da ambaton sassan da suka ba shi wannan haƙƙi. A aika ta ga wanda yarjejeniya ta ce a riƙa aika wa sanarwa, a ba injiniya kwafi, a karɓo hatimi.

Ba a sa labarin kuɗin makarantar yara a ciki, ba a sa barazanar zuwa gidan rediyo. Abin da ya sa wannan busasshiyar wasiƙa ta fi ta kuka tasiri shi ne tana sauƙaƙa wa jami'in da ke son taimaka maka. Zai ɗauke ta ya rubuta wa na sama da shi cewa ga sashe, ga shaida, ga rana, kuma kowace rana da ta ƙaru bashi ne a kan hukuma. Ka rubuta masa rabin aikinsa ke nan. Na san al'adarmu ba ta son a bi babba bashi da takarda, ana ganin kamar rashin kunya ne, musamman idan ana fatan wani aikin a gaba. To, gaisuwa da ladabi suna nan a bakinka idan ka shiga ofis. Takarda kuwa aikinta daban, ita ce za ta yi magana ranar da waɗanda ka gaisa da su ba sa kan kujerun.

Kuɗin jinkirin fa, nawa ne? Idan yarjejeniyar ta ce kashi 20 cikin ɗari a shekara, miliyan 14.4 suna haifar da kusan naira 7,890 a kowace rana, wato kimanin dubu 710 a kwana 90. Akwai 'yan kwangila Musulmi da ba sa son taɓa wannan kuɗi saboda gudun riba, kuma wannan magana ce tsakanin mutum da malaminsa. Amma ko wanda zai karɓa ya sani ba ya mayar da asara. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A irin wannan yanayi, miliyan 14.4 da suka kwana wata shida a fayil sun rasa ƙarfin sayen kaya na kusan miliyan biyu. Ga shi zango na huɗu, na fulasta da daɓe, siminti yake ci, kuma idan yarjejeniyar ta ƙayyadadden farashi ce, babu wanda zai ƙara masa ko kwabo saboda buhu ya tashi. Ribar aikin gaba ɗaya tana iya narkewa a wannan jiran.

Shi ya sa zuciya take raya wa mutum ya kwashe ma'aikatansa ya kulle wurin. Nan ne tarkon da ya fi kowanne haɗari. Rashin biya ba ya ba ka ikon barin aiki kai tsaye sai yarjejeniya ta ba ka, kuma ta hanyar da ta tsara. A tsarin FIDIC na 1999, sashe na 16.1 ya ce sai an ba da sanarwar aƙalla kwana 21 kafin a dakatar da aiki ko a rage gudunsa, soke kwangilar kuwa, bisa sashe na 16.2, sai an ƙara kwana 42 bayan cikar wa'adin biya. Ƙananan yarjejeniyoyin da hukumomi ke bugawa a shafi huɗu ko biyar sau da yawa ba su ma da irin wannan sashe. Wanda ya tattara kayansa ba sanarwa, gobe za a rubuta cewa ya yi watsi da aiki, tarar makara ta fara hawa, a nemi bankin da ya tsaya masa ya biya lamuni, a kuma ba wani ya ƙarasa da kuɗinsa. Mai bin bashi ya koma wanda ake bi. Ko da zai rage ma'aikata saboda ba shi da abin biyansu, ya rubuta, ya faɗi dalili, ya nemi ƙarin wa'adi a rubuce, ya kuma bar maigadi a wurin.

Akwai wani abu da yakan ɓata fayil mai tsabta, wato ƙarin aiki na baka. Unguwannin kudancin kogi da dama suna fama da ruwa idan damina ta kankama, saboda haka ba abin mamaki ba ne wani babba ya zo duba aiki ya ce a ja magudana ta bayan ajujuwan, za a daidaita daga baya. Ɗan kwangila ya kashe miliyan biyu, sannan ya cusa su cikin takardar neman biyan rufi. Satifiket bai san da su ba. Sakamakon shi ne kuɗin da babu gardama a kansa ya maƙale tare da wanda ake gardama. A raba su. A bi miliyan 14.4 da satifiket ɗinsu, a bi kuɗin magudana a wata takarda daban, bayan an nemi a tabbatar da umarnin a rubuce. Haka nan a karanta duk takardar da aka miƙo a sa hannu ranar da aka biya wani ɓangare, kada a tarar an rubuta cewa wannan shi ne biya na ƙarshe.

Duk da haka, ba zan ce wa kowa sashe da satifiket suna buɗe baitulmali ba. Ranar 30 ga Maris 2024 Gwamna Uba Sani ya faɗa a wani taron jama'a a Kaduna cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85 da alhakin kwangiloli 115, kuma daga biliyan 10 na kason jihar a wannan wata, biliyan 7 sun tafi biyan bashi. Maganar ta zama rigimar siyasa, majalisar dokokin jihar ta yi bincike, tsohon gwamna kuma ya musanta zarge-zargen da aka yi masa. Wannan ba shi ne batunmu ba. Abin da ya shafi ɗan kwangila shi ne idan gwamnati ta sauya ko kuɗi ya yi ƙaranci, kwamitin tantancewa ake kafawa, kuma kwamiti ba ya tantance alkawarin baka. Mai satifiket da hatimi da wasiƙun tuni yana shiga jerin basussukan da aka amince da su. Wanda ba shi da su sai ya sake tabbatar da aikin da rana da ruwa suka riga suka fara ci. A matakin tarayya ma haka abin yake: a 2025 'yan kwangila na cikin gida sun yi zanga-zanga a Abuja kan ayyukan kasafin 2024 da suka ce sun gama ba a biya su ba.

Idan wasiƙa ta biyu da ta uku ba su yi ba, sai a sake buɗe yarjejeniya a ga hanyar da ta tsara. Da yawa suna cewa sulhu tukuna, sannan sasanci, wanda dokar sasanci da sulhu ta 2023 ke tafiyar da shi. Wanda ya tsallake wannan ya ruga kotu, ɗaya ɓangaren zai iya neman a dakatar da shari'ar. Inda babu wannan sharaɗi, satifiket yana da babban amfani a gaban alƙali, domin ya mayar da da'awar ta zama ƙayyadadden bashi da wakilin mai aikin ya amince da shi, irin wanda ake iya nema ta gajeriyar hanyar shari'a. Amma cin shari'a da karɓar kuɗi abu biyu ne. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da izinin Antoni Janar, wato sai ka nemi izinin lauyan wanda kake bi bashi. A ganina wannan sashe ya daɗe da wuce lokacinsa, kuma yana cikin dalilan da ke sa 'yan kwangila cusa kuɗin jira a farashinsu tun ranar neman aiki, jama'a su biya.

Da mai gini mai zaman kansa babu wannan shinge, sai dai a can matsalar takan zama babu satifiket kwata-kwata, saboda babu wanda aka naɗa ya shaida aiki. Maigida ne zai leƙo da yamma ya ce rufin bai yi masa ba, kuma babu na uku da zai raba gardama.

Kai da za ka sa hannu a kwangila a wannan rani, kafin ka duba shafin da aka rubuta jimillar kuɗi, nemo sashen biya ka karanta shi da ƙarfi. Ka ga wa ke sa hannu a satifiket, kwana nawa aka ba shi, daga wace rana ake ƙidayar biya, da abin da aka halatta maka idan ranar ta wuce. In babu amsar ɗaya daga ciki, ka nemi a rubuta ta tun alƙalami yana hannunka.